Tashin Kuɗin Ruwa da Faɗuwar Farashin Takardun Lamuni: Yadda Ake Auna Asarar

Tsakanin Maris 2022 da Yuli 2023, babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari. A Najeriya ma kuɗin ruwan Babban Banki ya tashi daga kashi 11.5 a farkon 2022, ya kai kashi 27.5 a Nuwamba 2024. Ko'ina aka yi haka, abu ɗaya ya biyo baya: tsofaffin takardun lamuni suka karye a kasuwa. Sai dai ba karyewa iri ɗaya suka yi ba. Wasu sun ɗan sauka, wasu kuwa sun zube warwas, alhali gwamnati ɗaya ce ta fitar da su. Me ya bambanta su?

Dalilin faɗuwar ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya sayi takarda mai biyan kashi 10 a shekara, abin da zai riƙa karɓa ke nan har ranar da za a mayar masa da uwar kuɗi. Idan gobe aka fitar da sabuwa mai biyan kashi 15, babu mai sayen tasa sai ya rage farashi. Yawan ragin kuma ya danganta da tsawon lokacin da kuɗinsa zai ci gaba da zama a ɗaure. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, domin ranar ƙarewar takardar kawai suke dubawa, alhali wani kaso na kuɗin yana dawowa tun kafin ranar.

Masanin tattalin arziki ɗan Kanada, Frederick Macaulay, ya fito da ma'aunin da ya dace a 1938. Ma'aunin shi ne matsakaicin wa'adi: a ɗauki kowane biya, a ƙiyasta darajarsa a yau, a ga kason da ya ɗauka cikin farashin takardar, sannan a ninka wannan kaso da shekarun da za a jira biyan. Jimillar ita ce amsar.

Mu ɗauki takardar naira 100,000 ta shekara 3, mai biyan kashi 10 sau ɗaya a shekara, kasuwa ma kashi 10 take nema. A shekarar farko za a karɓi 10,000, wadda darajarta a yau 9,091 ce. Ta biyu ma 10,000 ce, amma da yake jiranta ya fi tsawo, darajarta 8,264. A shekara ta uku ne babban biyan zai zo, 110,000, mai darajar 82,645 a yau. Idan aka haɗa su, sun ba da 100,000 cif. Ke nan biyan farko ya ɗauki kaso 0.0909 na farashin, na biyu 0.0826, na uku 0.8264. A ninka na farko da 1, na biyu da 2, na uku da 3, a tara, sai a sami shekara 2.74. Takardar shekara 3 ce a rubuce, amma a matsakaici kuɗin yana dawowa cikin shekara 2.74.

Amfanin wannan adadi yana fitowa ne idan aka raba shi da 1 a tara da ribar kasuwa, wato 1.10 a misalinmu. Abin da ya fito, 2.49, shi ne gyararren wa'adi, kuma da shi ake ƙiyasta motsin farashi:

```
ΔP/P ≈ −D × Δy
```

A nan D shi ne gyararren wa'adi, Δy kuma canjin ribar kasuwa. Alamar ragi tana nuna cewa riba da farashi kishiyoyi ne. Idan ribar kasuwa ta tashi daga kashi 10 zuwa 11, ƙiyasin ya ce farashi zai sauka da kashi 2.49, ya koma 97,513. Idan aka sake lissafin daga tushe da kashi 11, ainihin farashin 97,556 ne. Bambancin naira 43 kacal.

To, amma shekarun nan ba ƙaramin motsi aka gani ba. A ce ribar ta yi tsalle daga 10 zuwa 15. Ƙiyasin zai ce 87,566, ainihin farashin kuwa 88,584, giɓin ya haura naira 1,000. Dalili shi ne alaƙar farashi da riba ba miƙaƙƙen layi ba ce, tana da lanƙwasa, kuma shi kansa wa'adin yana raguwa yayin da riba ke hawa. Don haka a takarda irin wannan, ƙiyasin yakan zuzuta asara idan riba ta tashi, ya kuma rage wa mutum ribarsa idan ta sauka. Da zarar canjin ya wuce maki ɗaya ko biyu, gara a sake lissafin gaba ɗaya.

Yanzu a kwatanta da takardar shekara 10 mai biyan kashi 10 ɗin dai. Gyararren wa'adinta 6.14 ne. Wannan tsallen na maki 5 zai zubar da farashinta da kashi 25, fiye da ninki biyu na abin da ta shekara 3 ta rasa. Wannan shi ne abin da ya ci bankin Silicon Valley na Amurka. Ya zuba ajiyar mutane, wadda za su iya cirewa kowace rana, cikin dogayen takardu lokacin da ruwa ke ƙasa. Da masu ajiya suka fara janye kuɗinsu, sai ya sayar da takardun kusan dala biliyan 21 a kan asarar dala biliyan 1.8. Ya sanar da haka ranar 8 ga Maris 2023, hukumomi suka rufe shi ranar 10. Ba wai masu bashin sun kasa biya ba ne. Wa'adin kadarorinsa ne ya yi wa na ajiyar nisa.

Akwai wani abu da ya shafi kasuwarmu musamman. Yawan abin da takarda ke biya a shekara yana gajarta wa'adinta, domin kuɗi na dawowa da wuri. Takardar shekara 30 mai biyan kashi 2, a kasuwar da ke neman kashi 2, matsakaicin wa'adinta ya kusa shekara 23. Irinta mai biyan kashi 16, a kasuwar kashi 16, wa'adinta bai wuce shekara 7.2 ba. Ke nan doguwar takardar Najeriya ba ta jin motsin maki ɗaya kamar ta Turai. Amma kada a saki jiki, domin asara ninkin abu biyu ce, wa'adi da girman motsi, kuma a nan riba kan yi tsalle da maki da yawa cikin watanni. Sukuk ɗin Gwamnatin Tarayya, da Ofishin Kula da Basussuka ya fara fitarwa a 2017, bai tsira ba: kuɗin hayarsa ƙayyadadde ne, don haka lissafin nan yana aiki a kansa.

Ma'aunin yana da iyaka. Yana ɗaukar cewa ribar gajeru da dogayen takardu tare suke motsi, abin da ba kullum yake faruwa ba. Ba ya auna haɗarin kasa biya, ba ya kuma auna abin da tsadar kaya ke ci daga darajar naira. Wanda ya riƙe takardarsa har ƙarshe zai karɓi uwar kuɗinsa cif. Wanda buƙata ta tilasta wa sayarwa shi ke ɗaukar asarar a hannu.

Saboda haka, duk mai shirin sayen takardar lamuni, ko mai bibiyar inda aka zuba kuɗin fanshonsa, ya tambayi dillali gyararren wa'adinta, ya ninka shi da makin da yake ganin riba za ta iya tashi. Idan ba zai iya jure adadin da ya fito ba, ko zai buƙaci kuɗinsa kafin wa'adin, ya nemi gajeriyar takarda.