Kafin a sayi tanki ko ɗaya: tsarin kasuwancin ƙyanƙyasar tarwaɗa

A jami'o'i da kwalejojin Najeriya ɗalibi ba ya kammala karatu sai ya ɗauki darasin koyon dogaro da kai, kuma aikin da aka fi bayarwa a ƙarshensa shi ne rubuta tsarin kasuwanci. Da yawa suna zaɓen ƙyanƙyasar kifi, domin lissafinta na farko yana da daɗin ji. Giram ɗaya na ƙwan tarwaɗa ya kai ƙwai 600, uwa mai nauyin kilo ɗaya da rabi kuwa tana iya ba da giram 150. Sai ɗalibi ya ninka, ya sami ƙwai 90,000, ya sake ninkawa da farashin ɗan kifi ɗaya, ya rubuta miliyoyi a shafin riba. Malami zai iya ba shi maki, amma duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙyanƙyasa ya san ba ƙwai ake sayarwa ba. Abin da ake sayarwa shi ne ɗan kifin da ya rayu mako shida, ya sami mai saye, mai sayen kuma ya biya. Tsarin da zai yi amfani bayan an bar makaranta daga nan yake farawa, ya dinga komawa baya har ya iso kan uwar kifi.

Saboda haka babin farko na mai saye ne. Mai ƙyanƙyasa ba ya hulɗa da masu cin kifi, abokin cinikinsa shi ne mai kiwon da zai raini kifin wata huɗu zuwa shida kafin ya kai kasuwa. Ɗalibi ya taka da ƙafarsa ya zagaya masu kiwo goma ko goma sha biyar a garinsu, ya tambaye su: a ina kuke sayen 'ya'yan kifi yanzu, nawa kuke zubawa a lokaci guda, sau nawa a shekara, me ke ba ku haushi game da wanda kuke saya a wurinsa? Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce jarinsa na gaske. Wani zai ce daga nesa ake kawo masa, kafin su iso sun galabaita. Wani zai ce an haɗa masa manya da ƙanana, cikin mako biyu manyan suka cinye ƙananan. A nan ne kuma zai gane wane girma ake so. Akwai fingalin, mai mako huɗu zuwa shida, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, akwai jubanayil da ya ɗara shi girma da tsada. Sababbin masu kiwo sun fi son jubanayil don ya fi jure wahala, sai dai riƙe shi yana cin abinci da wuri. Tsari ya faɗi wanne za a sayar, da dalili.

Babi na biyu ruwa ne, kuma a ganina shi ya kamata ya fi kowane babi tsawo, ko da yake shi ɗalibai suka fi gajartawa. Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kulorin da ke kashe jariran kifi. Ruwan rijiyar burtsatse ya fi, amma yana fitowa da ƙarancin iskar shaƙa, wani kuma da ƙarfe a cikinsa, wanda za ka gane idan ya kwana a bokiti ya yi ja-ja ko ya bar tsatsa a gindi. Shi ya sa ake tura shi tankin sama ya huta, ya sha iska, kafin ya sauko wa kifi. Ma'aunin tsamin ruwa ya tsaya tsakanin 6.5 da 8, zafinsa kuma tsakanin digiri 27 da 30. Duk wannan ana iya gwada shi kafin a kashe kwabo a kan gini, kuma sakamakon gwajin ya kamata ya shiga cikin takardar. Ruwa kuwa ba ya hawa tanki sai da wuta. A kwanakin farko so ake ya riƙa gudana a hankali dare da rana, yana shiga yana fita, don haka tsarin da bai faɗi abin da za a yi ba idan an ɗauke wuta ƙarfe biyun dare kuma janareta ya ƙi tashi, bai gama ba. Amsa mafi sauƙi ita ce tankin sama mai girman da zai riƙe ɗakin kwana guda ba tare da an kunna injin ba.

Sai babin aikin kansa. Ba sai an cika shi da kalmomin kimiyya ba, amma mai karatu ya ga cewa marubucin ya san jerin matakan da sa'o'insu. Ana zaɓen uwa wadda ta haura shekara, cikinta ya cika ya yi laushi, idan an ɗan matsa ƙwai ya fito. A auna ta, a yi mata allura irin su Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo, yawanci da yamma. Bayan sa'a goma zuwa goma sha biyu, gwargwadon ɗumin ruwa, a tatse ƙwan a busasshen kwano. Namijin tarwaɗa ba ya tatsuwa, sai an yanka shi an ciro 'ya'yan marainansa, wato kowane zagaye akwai kuɗin namiji da ba zai dawo ba. A gauraya maniyyin da ƙwan, a zuba ruwa mai tsabta, a shimfiɗa su a kan raga cikin tanki, kada su hau kan juna. Cikin kwana guda ko ɗan fiye sai su fara fashewa. Ƙwan da ya yi fari ya mutu, kuma idan aka bar shi zai ruɓe ya ɓata ruwan, don haka da an gama ƙyanƙyasa ake ɗage ragar, a zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo. Kwana uku jariran suna rayuwa da gwaiduwar da ke maƙale a cikinsu. Daga nan sai abinci, atemiya da fari, sannan garin abincin kifi mai laushi, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, har da dare.

Mako biyun farko ne ake asara mafi yawa, kuma yawancinta daga hannun mai ciyarwa take. Abincin da ya yi saura yana ruɓewa a ƙasan tanki. Alamarsa ita ce ruwa ya fara wari ko ya yi hazo, jarirai su taso sama su rataye a tsaye, su ƙi abinci. Wanda ya ga haka ya tsayar da ciyarwa, ya zuƙe datti, ya ƙara gudun ruwa. Daga mako na biyu zuwa na uku kuma wata matsalar ke kunno kai: wasu 'yan kaɗan suna fin sauran girma, masu sana'ar suna ce musu shuta, kuma da 'yan'uwansu suke ƙiba. Tanki zai riƙa raguwa ba tare da an ga gawa ko ɗaya ba. Maganinsa tacewa a kai a kai, a ware manya daban, abin da ke nufin tsari ya tanadi tankunan da za a bari babu komai don wannan aikin.

Yanzu mu zauna da lissafi, da alkaluman misali waɗanda ɗalibi zai maye gurbinsu da farashin garinsu a ranar da yake rubutu. A ce ya yi wa uwa biyu allura, ya sami ƙwai 180,000. Ya ɗauka cewa kashi 60 cikin ɗari za su ƙyanƙyashe, wato 108,000. Rabi su wuce mako biyu, saura 54,000. Bayan cin juna da tacewa da 'yan tsumburai da ba mai saye, ya rubuta 20,000 a matsayin abin sayarwa. Ƙwararre zai fi haka, amma sabon hannu da ya rubuta fiye da wannan kansa yake ruɗi. A ce kowanne naira 40 ne, zagaye ɗaya ya kawo 800,000. A ce kuma iyayen kifi da allura da abinci da man janareta da ladan yaron aiki da sufuri sun ci 500,000. Idan aka raba 500,000 da 40, za a ga sai ya sayar da 12,500 kafin ya mayar da kuɗin zagayen. Wannan adadin shi ne mafi muhimmanci a takardar gaba ɗaya, domin shi ke gaya masa iyakar mutuwar da zai iya ɗauka.

Kada kuma ya ninka ribar zagaye da watanni goma sha biyu. Zagaye yana cin mako bakwai ko takwas idan an haɗa da wanke tankuna da busar da su. A Arewa kuma akwai hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa kan yi sanyin da ƙwai ke jinkirin fashewa, fumfuna ta kama su, jarirai su ƙi ci, iyayen ma ƙwansu ya ragu. Ko dai a rufe ɗakin da leda a sayi abin ɗumama ruwa, a rubuta kuɗinsa, ko a cire watannin daga lissafi. Idan an cire, saura zagaye biyar. A ɗauka ɗaya daga ciki zai lalace gaba ɗaya, don hakan yana faruwa har ga tsofaffin hannu. Kuɗin shiga na zagaye huɗu miliyan 3.2 ne, kuɗin da aka kashe a biyar miliyan 2.5, abin da ya rage 700,000 a shekara, kuma ba a cire ladan mai wurin ba. Idan tankuna da injin ruwa da janareta da rumfa sun ci miliyan 2.1, shekara uku ke nan kafin jari ya dawo. Wannan ba labari mai daɗi ba ne kamar na miliyoyin farko, amma shi ne wanda kawu ko banki zai iya yarda da shi, kuma yana nuna inda gyara zai fi tasiri: idan masu rayuwa suka tashi daga 20,000 zuwa 25,000, kuɗin da ake kashewa kaɗan zai ƙaru, kuɗin shiga kuwa ya ƙaru da 200,000 a kowane zagaye.

Akwai ƙananan ramuka biyu da ya kamata su fito a shafin kuɗi. Mai saye yana sa ran gyara, 'yan ɗaruruwa a kan kowane dubu biyar ko goma, don cike gurbin waɗanda za su mutu a hanya. Wani kuma zai ce a ba shi bashi sai ya kwashe kifinsa, wato bayan wata biyar, alhali mai sayar da abincin kifi ba ya jira. Tsari ya bayyana ƙa'ida tun wuri: kafin alƙalami a lokacin da aka yi oda, cikon kuɗi ranar ɗauka. Ya kuma ware kuɗin gudanar da zagaye biyu cur a gefe, daban da kuɗin kayan aiki, domin wanda ya zuba komai a gini zagayen farko da ya lalace ne zai rufe shi.

Sauran babuka gajeru ne. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, wanda zai kwana a wurin, da inda mai wurin ya koyi aikin. Wannan na ƙarshen ba abin rainawa ba ne. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa ta Jihar Neja, da kwalejin tarayya ta wannan fanni a garin, akwai kuma masu ƙyanƙyasa a gari da ke karɓar almajirai. Ɗalibin da zai iya rubuta cewa ya yi zagaye biyu ko uku a ƙarƙashin wani, da hannunsa ya tatsi ƙwai, ya zuƙe datti da asuba, yana da hujjar alkaluman da ya sa. Taƙaitaccen bayanin da ke shafin farko kuwa a ƙarshe ake rubuta shi, cikin sakin layi ɗaya: wa zai saya, guda nawa, a kan nawa, jari nawa ake nema, da adadin kifin da dole a sayar a kowane zagaye kafin a mayar da kuɗi.