Yadda ake jera ƙwarewa a takardar neman aiki bisa buƙatar gurbin da aka tallata

A takardar da mai neman aiki ke bayyana karatunsa da gogewarsa, akwai sashen da ake lissafa ƙwarewa. Ƙwarewar nan iri biyu ce. Akwai ta sana'a, wadda ake koya kuma ana iya jarraba mutum a kanta, kamar haɗa rahoton kuɗi ko aiki da manhajar Excel. Akwai kuma ta mu'amala, kamar haƙuri da jama'a, iya bayani da kiyaye lokaci. Tambayar da ke rikita mutane ita ce: wacce za ta zo farko?

Amsar tana cikin sanarwar gurbin. Mai tantance takardu yakan riƙe sharuɗɗan da aka wallafa yana neman su ɗaya bayan ɗaya, kuma layukan farko ne idonsa ke fara sauka a kai. Don haka mai nema ya karanta sanarwar da biro a hannu, ya raba abin da ke cikinta gida uku: abin da aka ce wajibi ne, abin da aka maimaita a bayanin ayyukan gurbin, da abin da aka ce samunsa ƙarin daraja ne kawai. Haka jerin zai bi, daga wajibi zuwa ƙari.

A ɗauki misalin wani kamfani a Legas da ke neman mataimakin akanta. Sanarwar ta wajabta iya Excel da daidaita lissafin kamfani da bayanan banki, ta ambaci rufe lissafin ƙarshen wata sau biyu, sannan ta ce sanin QuickBooks ƙari ne. A nan Excel da daidaita lissafi za su hau sama. Na uku shi ne kammala aiki a kan lokaci, domin duk da cewa hali ne ba fasaha ba, rufe lissafin wata ya dogara da shi. QuickBooks ya zo daga baya.

Idan mutumin nan ya nemi gurbin kula da abokan hulɗa a banki, sai jerin ya juya. Sauraron koke da warware shi, da jin harsunan da aka ambata, su ne za su zo farko, Excel kuwa ya sauko ƙasa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe sashen da kalmomi irin su “gaskiya” da “ƙwazo”, waɗanda kowa ke rubutawa. Gara a haɗa hali da hujja, misali “horar da sababbin ma'aikata uku”. Kada kuma a ɗora a sama abin da ba a iya ba don kawai sanarwa ta ambace shi, domin a kansa za a iya fara tambaya ranar ganawa.

Kafin aikawa, a ajiye takardar kusa da sanarwar. Idan layuka uku na farko ba su amsa manyan sharuɗɗan ba, jerin na buƙatar gyara.