Neman aiki a LinkedIn ba tare da tona asiri ba

Duk wanda ya buɗe shafi a LinkedIn, adireshin da ake ba shi yakan zo da jelar lambobi da haruffa. A kwamfuta, shiga shafinka ka danna "Public profile & URL", ka maye gurbin jelar da sunanka, ko sunanka da sana'arka. Kada ka saka shekarar haihuwa, domin tana bayyana shekarunka ga masu ɗaukar aiki da kuma 'yan damfara. Ka gyara shi kafin ka buga takardar neman aiki, saboda tsohon adireshin na iya daina kai mutane wurinka.

A wannan shafin ne kuma za ka zaɓi abin da wanda bai shiga LinkedIn ba zai gani, kamar hoto da wurin aikinka na yanzu. Google yakan ɗauki makonni kafin ya nuna canjin.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne "Open to work". Idan ka zaɓi kowa ya gani, koren zobe zai kewaye hotonka, shugabanka ma zai gani. Zaɓi "Recruiters only". Ko a nan, LinkedIn na ƙoƙarin ɓoye alamar daga masu ɗaukar ma'aikata na kamfaninku, amma bai ba da tabbacin hakan ba.