Raba cikakken suna gida biyu: ina sunan tsakiya zai zauna?

Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar makaranta, ko jerin ma'aikata, ko sunayen 'yan ƙungiya a kwamfuta, ya san wannan aiki. Sunayen suna jere a layi ɗaya cikin manhajar Excel, kowane suna a akwatinsa, sai a aiko da fom mai cewa a kawo sunan farko daban, sunan ƙarshe daban. Idan mutum goma ne, a sake bugawa da hannu a wuce wurin. Idan ɗari takwas ne kuma gobe za a rufe rajista, dole a nemi dabara.

Dabarar da aka fi sani tana nan a sashen Data, sunanta Text to Columns. Ka zaɓi layin sunayen, ka danna Delimited, ka sa alama a Space, shi ke nan. Excel za ta yanka kowane suna a duk inda ta ga tazara, ta watsa guntayen cikin akwatunan da ke dama. Da a ce kowa suna biyu gare shi, da magana ta ƙare a nan. To amma ɗauki waɗannan sunaye na misali: Hauwa Garba, Muhammad Sani Bello, Nana A'isha Umar Faruk. Bayan yanka, layi na biyu zai ƙunshi Garba, Sani da A'isha. Garba ne kaɗai ya faɗa inda ya dace. Bello ya tafi layi na uku, Faruk ya tafi na huɗu. Wanda ya kwashi layi na biyu ya miƙa a matsayin sunan ƙarshe ya ɓata sunan mutum biyu cikin uku. Akwai kuma wani haɗarin: idan akwai lambar waya ko ranar haihuwa a layin da ke kusa, guntayen za su hau kansu su shafe su. Excel tana yin gargaɗi kafin ta yi hakan, amma mai sauri yakan danna OK bai karanta ba.

Hanyar da ta fi wannan ita ce a daina neman kalma ta biyu. A ɗauki kalmar farko daga hagu, a ɗauki kalmar ƙarshe daga dama, duk abin da ya rage a tsakani a ba shi nasa gurbin, ko kalma ɗaya ce, ko biyu, ko babu.

Mu ce sunan yana akwatin A2. Kafin komai a share shi, domin sunayen da mutane daban-daban suka buga ba sa rasa tazara biyu a tsakiya ko wata a ƙarshe wadda ido ba ya gani. A akwatin B2 a rubuta:

```
=TRIM(A2)
```

Wannan yana cire tazarar gaba da ta baya, ya mai da ta tsakiya guda ɗaya. Daga nan da B2 za a yi aiki, a bar A2 yadda yake. Sunan farko a C2:

```
=LEFT(B2,FIND(" ",B2&" ")-1)
```

FIND yana neman inda tazarar farko take. A Muhammad Sani Bello tana matsayi na 9, a cire ɗaya ya zama 8, sai LEFT ya kwaso haruffa 8 daga hagu: Muhammad. Tazarar da aka liƙa a bayan B2 kuwa saboda mai suna ɗaya tal ce, don kada fomular ta tsaya idan ba ta sami tazara ba.

Sunan ƙarshe shi ne mai ɗan wuya, domin FIND daga hagu yake fara nema, ba ya iya farawa daga dama. Ga abin da ake sawa a D2:

```
=TRIM(RIGHT(SUBSTITUTE(B2," ",REPT(" ",100)),100))
```

Tsawonta kada ya tsorata kowa. Abin da take yi shi ne ta mai da kowace tazara guda ta zama tazara 100, sunayen su yi nesa da juna ƙwarai. Sannan ta yanko gurbi 100 daga dama. A misalinmu abin da zai shigo ciki shi ne haruffa 5 na Bello da tazara 95, Sani kuwa ya yi nisa, ba zai shigo ba. TRIM ya share tazarar, Bello ya rage. Ko suna biyu ne ko biyar, kalmar ƙarshe za ta fito. Masu sabuwar Excel ta Microsoft 365 suna da gajeriyar hanya, `=TEXTAFTER(B2," ",-1)`, amma tsofaffin kwamfutocin ofisoshi da shagunan buga takardu ba su san ta ba, za su nuna `#NAME?` ne kawai. Doguwar tana aiki a tsohuwa da sabuwa.

Na tsakiya a E2:

```
=TRIM(MID(B2,LEN(C2)+1,LEN(B2)-LEN(C2)-LEN(D2)))
```

Cikakken sunan gurbi 19 ne har da tazara biyu. A cire 8 na Muhammad da 5 na Bello, saura 6, wato Sani da tazarar da ke gefensa biyu. Ga Hauwa Garba akwatin zai fito wayam, kuma haka ya kamata. Idan ka ga `#VALUE!` a nan, mutumin suna ɗaya aka rubuta masa, kuma za ka tarar sunan nan ɗaya ya fito a C da D duka. Wannan sai a koma a tambayi mai shi. Sai a ja fomulolin zuwa ƙasan jerin. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke aiki da Excel ta Faransanci za su ga sunayen umarnin sun sauya, LEFT ya zama GAUCHE, RIGHT ya zama DROITE, kuma `;` ake sawa a madadin waƙafi, amma lissafin ɗaya ne.

Zuwa nan kwamfuta ta gama nata. Sauran aikin, wanda a ganina shi ne mafi nauyi, na mutum ne, domin fomula tazara take ƙirgawa, ba ta san suna ba.

Tsarin nan na sunan farko, na tsakiya, da na iyali daga Turawa muka gaje shi. Bahaushe a al'ada sunan yanka gare shi, sai sunan mahaifi, wani lokaci da na kaka, ko na gari, ko laƙabi. Dubi Abubakar Tafawa Ɓalewa, firaministan da Nijeriya ta sami 'yanci a hannunsa a 1960. Fomularmu za ta ce sunan tsakiyarsa Tafawa, na ƙarshe Ɓalewa. Alhali Tafawa Ɓalewa sunan gari ne guda a jihar Bauchi, ba a raba shi. Aminu Kano da Shehu Shagari su ma sunan gari suka ɗauka, sai dai nasu kalma ɗaya ce, ba ta kawo rikici. Yau ma rajistocinmu cike suke da masu Birnin Kudu, Tudun Wada, Ƙofar Mata da Dutsin Ma a ƙarshen sunansu. Fomula za ta ba ka Kudu, Wada, Mata da Ma a matsayin sunan ƙarshe, kuma ba za ta nuna alamar kuskure ko ɗaya ba. Wada ma ya fi haɗari, tunda akwai masu wannan sunan, mai dubawa zai wuce shi bai lura ba.

Haka matsalar take ta ɓangaren hagu. Nana A'isha suna ɗaya ne a bakin iyayenta. Abubakar Sadik, Umar Faruk, Fatima Zahra, duk tare ake kiran su. Muhammad Sani kuwa, a gidaje da yawa Sani ake kiransa, ba wanda ke ce masa Muhammad, don haka ajiye Sani a tsakiya, inda wasu takardu ke mai da shi harafin S kawai, ya ɓoye sunan da aka san mutumin da shi. Ga Abdul Aziz da wani ke rubutawa a haɗe, wani a rabe. Ga Ɗan Asabe da Mai Kuɗi. Ga Alhaji, Hajiya, Malam da Dakta, waɗanda fomula za ta ɗauka a matsayin sunan farko ba tare da wata-wata ba. A ƙarshe ga jerin da wani malami ya fara da sunan mahaifi, wani kuma ya fara da sunan yaro. Idan ka ga Ibrahim Musa, babu lissafin da zai gaya maka wane ne uba a ciki.

Shi ya sa nake ba da shawarar ƙara layi guda mai ƙirga kalmomi, a F2:

```
=LEN(B2)-LEN(SUBSTITUTE(B2," ",""))+1
```

Tana auna tsawon sunan da tazara, ta auna shi babu tazara, bambancin shi ne yawan tazarar, a ƙara ɗaya ya zama yawan kalmomi. Sai a tace jerin da Filter. Masu 2 yawanci lafiya lau suke, in dai an tabbatar da wane ne a gaba. Masu 1 a nemo su. Masu 3 a bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Masu 4 zuwa sama kuwa kada a yarda da abin da fomula ta ce sai an duba takarda. Idan kuma ka ga suna mai kalma biyu ƙarara amma F ta ce 1, akwai wata irin tazara da ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet, wadda TRIM ba ya gani. Maganinta a sauya B2 zuwa `=TRIM(SUBSTITUTE(A2,CHAR(160)," "))`.

Sunayen da ba a rabawa suna da tasu dabarar. Kwafi jerin zuwa wani layi, ka danna Ctrl+H, ka mai da `Tudun Wada` ya zama `Tudun_Wada`, haka Nana A'isha da sauransu. Fomula za ta gan su kalma ɗaya. Bayan an raba, a kwafi sakamakon a manna shi da Paste Special, a zaɓi Values, sannan a mai da alamar `_` ta koma tazara. A yi hattara da Abdul: kada a haɗa shi da duk abin da ya biyo baya a dunƙule, domin akwai wanda Abdul ɗin ne sunansa, na gaba kuwa mahaifinsa ne. Su Alhaji da Hajiya a fitar da su zuwa layinsu daban tun kafin a fara.

To idan an zo kan Nana A'isha Umar Faruk, wa zai yanke hukunci? Ba akawu ba. Takardar lambar ɗan ƙasa ta NIN ta riga ta ware sunan iyali, na farko da na tsakiya, kuma tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta wannan lamba ga masu rajistar jarabawarta. Idan abin da makaranta ta shigar ya saɓa da abin da ke can, yaron ne zai yi ta zirga-zirga tsakanin kotu don takardar rantsuwa da ofisoshi don gyara, wataƙila bayan shekaru, lokacin da wanda ya raba sunan ya manta da zancen. Saboda haka ko da rabon da ke kan takardar mutum bai yi maka daidai da al'ada ba, shi za ka bi. Gyara nasa ne, shi zai nema.

Kada ka goge layin A bayan ka gama, domin shi ne shaidarka ranar da aka zo da ƙorafi. Kuma idan kai ne mai tsara fom ɗin da za a cika a baɗi, ka ware akwati uku tun farko, ka bar na tsakiya ba dole ba, ka ƙara na huɗu don cikakken suna yadda yake a takardar mutum, ka bar mai suna ya raba abinsa da hannunsa.