Takardar Yarjejeniya Tsakanin Shagon Iyali da Kamfanin Odita

Kafin odita ya buɗe littafin cinikin kowane shago, akwai takardar da yake rubutawa ya aika wa masu shagon su karanta su sa hannu. A cikinta ake bayyana aikin da aka ɗauke shi ya yi, da shekarar da zai duba, da abin da ke wuyan masu shagon, da abin da ke wuyansa, da kuɗin aikinsa. Ƙa'idar binciken kuɗi ta duniya mai lamba ISA 210 ta wajabta a rubuta waɗannan sharuɗɗa, kuma da ita oditocin Najeriya suke aiki, 'yan ƙungiyar ICAN ne ko 'yan ANAN. Takardar ba ta cika wuce shafi uku ko huɗu ba, amma yawancin saɓanin da ke tasowa daga baya tsakanin ɗan kasuwa da odita, amsarsa tana cikinta.

Ba kowane shago doka ta tilasta wa kiran odita ba. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ɗauke wa ƙaramin kamfani wannan nauyi, wato wanda cinikinsa na shekara bai haura naira miliyan 120 ba, dukiyarsa bayan cire basussuka kuma ba ta haura miliyan 60 ba, tare da wasu sharuɗɗa. Don haka shagon iyali yakan nemi odita ne saboda wata buƙata tasa: banki ya ce sai ya ga lissafin da aka bincika kafin ya ba da rance, ko mahaifi ya rasu magada suna son sanin abin da ke cikin shagon, ko wani zai zuba jari. Wannan dalili shi ya kamata a fara faɗa wa odita, domin shi ke nuna irin aikin da za a rubuta a takardar.

Aikin kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai cikakken bincike, inda odita zai gwada rasit da takardun banki, ya halarci ƙidayar kaya, ya tuntuɓi masu bin shagon bashi da waɗanda shagon ke bi, sannan ya ba da ra'ayinsa a rubuce. Akwai dubawa ta sama-sama, wadda tambayoyi da kwatanta alƙaluma suka fi yawa a cikinta. Akwai kuma haɗa lissafi kawai, inda akanta zai tattara abin da aka ba shi ya tsara, ba tare da ya tabbatar da komai ba. Mai shagon da ya biya kuɗin haɗa lissafi ya kai wa banki a matsayin bincike, za a dawo masa da takardunsa. Sakin layin farko na yarjejeniyar shi ke raba wannan gardama, kuma shi ya fi cancantar a karanta da natsuwa.

A ɗauki misalin shagon atamfa a Kantin Kwari a Kano, na wani dattijo da 'ya'yansa biyu, wanda aka yi wa rajista a matsayin kamfani. Suna neman rance, sai suka kira odita a watan Fabrairu don ya binciki shekarar da ta ƙare ranar 31 ga Disamba. Littafinsu ya nuna kayan da ke shago da sito a wannan rana sun kai naira miliyan 40. Odita bai ga ƙidayar ba, domin ba a ɗauke shi aiki ba a lokacin. Abin da zai iya yi shi ne ya sa a ƙirga kaya yanzu a gabansa, turmi bayan turmi, sannan ya koma baya: ya mayar da abin da aka sayar tun daga 1 ga Janairu, ya cire abin da aka saro, ya ga ko lissafin zai sauka kusa da miliyan 40. Wannan ba zai yiwu ba sai idan an rubuta ciniki da sari na waɗannan makonni daki-daki. Idan ba a rubuta ba, rahotonsa zai fito da togaciya a kan kayan, ko ma ya ce ba zai iya ba da ra'ayi ba idan kayan ne mafi yawan dukiyar shagon. Takarda mai kyau takan faɗi ranar ƙidaya, da wanda zai ƙirga, da cewa odita zai halarta. Ƙirgar aikin masu shago ce. Odita kallo yake yi yana gwada wasu kaya da ya zaɓa.

Daga nan sai nauyin masu shago, kuma a nan iyalai da yawa suke yin kuskure, suna zaton da zarar an ɗauki odita lissafi ya koma hannunsa. Takardar tana cewa su ne da alhakin adana littattafai, da shirya bayanin kuɗi na shekara, da kafa tsarin da zai hana kuskure da ha'inci, da buɗe wa odita duk abin da ya nema, har da damar yin magana da yaran shago. A shagon iyali wannan yana taɓa abubuwan da ba a saba rubutawa ba. Kuɗin cefane da ake ɗauka daga aljihun teburin ciniki, atamfar da aka ba ƙanwar maigida bashi da baki, cinikin da ya shiga asusun bankin babban ɗa maimakon na kamfani, duk sai an bayyana su. Ba laifi ba ne iyali su ci daga dukiyarsu, amma idan ba a rubuta ba, riba za ta fito ƙasa da yadda take, bankin da ake son gamsarwa kuma ya ga shago mara ƙarfi. A ƙarshen aiki daraktoci za su sa hannu a wata wasiƙa ta daban cewa sun bayar da komai, kuma tun a yarjejeniya ake sanar da su haka.

Nauyin odita shi ne ya tsara aikinsa yadda zai samu tabbaci mai ƙarfi cewa babu babban kuskure a lissafin, ya kuma riƙe sirrin abin da ya gani sai inda doka ta tilasta. Takardar tana faɗa ƙarara cewa ba kowane rasit zai duba ba, kuma akwai yiwuwar wani kuskure ya kuɓuce masa, musamman wanda aka haɗa baki aka ɓoye. Idan yaron shago yana zare naira dubu biyar a mako, cikakken bincike zai iya wucewa bai gano ba, domin adadin bai kai ya sauya fuskar lissafin shekara ba. Iyalin da ke zargin sata, bincike na musamman suke buƙata, da takardarsa daban da kuɗinsa daban. Haka ma cike takardun haraji ko rubuta littattafan shago: idan ba a ambace su ba, ba sa cikin aikin, kuma odita yana da iyaka wajen bincikar abin da shi da kansa ya rubuta.

Sashen kuɗi ya kamata ya nuna ko farashi tsayayye ne ko gwargwadon lokacin da aka ɓata, da abin da zai faru idan littattafai suka zo a hargitse har aiki ya ƙaru. Wanda ke da ikon wakiltar kamfanin shi zai sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa. Idan ana tsakiyar aiki masu shago suka nemi a sauke shi daga cikakken bincike zuwa dubawa ta sama-sama, odita ba zai yarda ba sai da dalili mai ma'ana, kamar a ce banki ya janye buƙatarsa. Guje wa togaciya ba dalili ba ne. Ba dole a sake rubuta takardar kowace shekara ba, amma idan shago ya koma hannun magada, ko ya buɗe rassa, ko aka ga alamar masu shi sun manta da abin da aka ƙulla, odita yakan aiko da sabuwa.