Shago Ɗaya, Ƙofa Biyu

A babbar kasuwar Garwa, shagon da ke kan kwana yakan sami ƙofa biyu, kowace tana kallon layinta, amma kayan da ke ciki ɗaya ne. Haka ya kamata mai gina shafin intanet na Hausa da Turanci ya tsara aikinsa. A ce ɗan kasuwa ne mai sayar da gyaɗa da albasa, yana son Hausawan Garwa da Marwa su same shi, da kuma 'yan sari daga Yola da Mubi, da 'yan Bamenda waɗanda Turanci suke karantawa.

Sau da yawa maginin yakan yi ƙofa ɗaya, wato adireshi ɗaya, ya sa maɓallin da ke juya rubutun daga wannan harshe zuwa wancan. A ido abin ya yi kyau. Amma Googlebot, manhajar da ke yawo tana karanta shafuka, ba ta danna maɓalli, ba ta kuma riƙe zaɓin baƙo. Harshen da ta tarar a bakin ƙofa shi take ɗauka, ɗayan kuwa kamar ba a rubuta shi ba. Don haka kowane harshe yana buƙatar adireshinsa: `/ha/gyada` da `/en/groundnuts`. Ko ba don Google ba, wannan ya fi, domin in mai shago ya tura wa wani adireshin ta WhatsApp, abin da ya gani shi wancan zai gani.

Bayan haka sai a kafa allo a kowace ƙofa mai nuna inda ɗayar take. Allon shi ne `hreflang`, wanda Google ya fito da shi a 2011:

```html
<link rel="alternate" hreflang="ha" href="https://example.com/ha/gyada">
<link rel="alternate" hreflang="en" href="https://example.com/en/groundnuts">
<link rel="alternate" hreflang="x-default" href="https://example.com/en/groundnuts">
```

Waɗannan layuka uku za su zauna a shafukan biyu ba tare da an canza komai ba. In na Hausa ya nuna na Turanci, shi kuwa na Turanci bai nuna na Hausa ba, Google zai iya watsar da alamar. Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓarna: a sa `canonical` na shafin Hausa ya nuna na Turanci. Wannan daidai yake da rubuta wa ƙofar Hausa cewa ba nan ne shagon ba, a zagaya. Ana gane hakan a Search Console: a saka adireshin Hausar a URL Inspection, a duba wane shafi Google ya ɗauka a matsayin na asali.

Layin `x-default` yana da nauyi a Garwa fiye da Kano. Harsunan gwamnatin Kamaru Faransanci ne da Turanci, harshen kasuwa a arewa kuma Fulatanci ne, wayoyi da yawa a Faransanci aka saita su. Shi ya sa ban yarda a tura baƙo wani harshe dole bisa saitin wayarsa ba. Bahaushen unguwa mai waya a Faransanci sai ya tsinci kansa a Turancin da ba ya ji. A bar shi ya zaɓa: a rubuta Hausa da English a saman shafi, ba da tuta ba, domin tutar Kamaru ba ta nuna harshe ɗaya, Hausa kuma ba ta ƙasa ɗaya ba ce. In ya danna daga shafin gyaɗa, ya sauka a shafin gyaɗa, kada a mai da shi shafin farko ya sake nema.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne bayan wata biyu. Buhu ya tashi, a ce daga sefa 40,000 zuwa 45,000, an gyara na Turanci an manta da na Hausa, mai saye ya iso da tsohon farashi, rigima ta tashi. Maganin shi ne farashi da lambar waya da yawan buhuna su zauna wuri ɗaya a rumbun bayanai, shafukan biyu su riƙa ɗebowa daga can. Bayani kaɗai ake fassarawa. Polylang ko WPML a kan WordPress suna ɗaure kowane shafi da takwaransa, amma dole a san harshen da ake fara rubutu da shi da wanda zai duba fassara kafin ta fita. Shafin da ba a fassara ba tukuna, kada a zuba masa Turanci a ƙarƙashin `/ha/`, domin Google rubutun da ke fili yake dubawa ya gane harshe.

Saura ƙugiya. Sau da yawa mai nema a waya "gyada" yake bugawa, don ba kowane allon rubutu ne ke da ɗ ba. A bar adireshi ba ƙugiya, amma a jikin rubutu a sa ƙ da ɗ da ɓ daidai, da `UTF-8`, a kuma buɗe shafin a ƙaramar waya mai araha a tabbatar haruffan ba su koma akwatuna ba.