Me Ya Sa Ruwa Kaɗai Ba Ya Wanke Hannu Daga Ƙwayoyin Cuta?

A shekarar 2021 annobar amai da gudawa, wato kwalara, ta bazu a Najeriya. Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa ta ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,000 kuma suka rasu, kuma jihar Kebbi na cikin jihohin da abin ya taɓa sosai. Idan aka ambaci kwalara a Birnin Kebbi ko Argungu, hankalin mutane yakan tafi ga ruwan gulbi da rijiyoyin da ambaliya ta gurɓata. Wannan gaskiya ne. Sai dai bayan cutar ta shigo gida, akwai wani abu da ke ɗaukarta daga mutum ɗaya zuwa sauran iyali, shi ne hannu.

Tambayar da masu jinya suka fi yi mana a asibiti ita ce: "Likita, ai muna wanke hannu, ta yaya yara uku suka kwanta a mako ɗaya?" Idan muka bincika, sau da yawa sai mu tarar da ruwa zalla ake wankewa. Wannan bayani zai nuna muku inda matsalar take.

Daga ina ƙwayoyin suke zuwa?

Kwalara da taifod da atini da yawancin gudawar yara hanyarsu ɗaya ce. Ƙwayoyin suna fita a cikin bayan gidan wanda ke ɗauke da su, sannan su shiga bakin wani. Ba sai an ga ƙazanta da ido ba. Ɗan abin da ya maƙale a ƙarƙashin farce, wanda ba ya ganuwa kuma ba ya wari, ya isa. Ƙwayar da ke kawo atini mai jini, alal misali, guda 10 zuwa 100 kacal sun isa su kwantar da mutum.

Abu biyu ne ke yaudarar iyali. Na farko, yawancin waɗanda ƙwayar kwalara ta shige su ba sa nuna wata alama, amma suna fitar da ita a bayan gidansu har tsawon kwanaki. Na biyu, mutane da yawa sun ɗauka kashin jariri ba shi da illa. Ba haka ba ne. Kashin yaro mai gudawa cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma shi ne aka fi taɓawa da hannu a kowane gida.

Yadda cuta ke zagaya gida a wuni ɗaya

Mu ɗauki misalin wani gida a Argungu. Yaro ɗan shekara biyu ya tashi da gudawa. Mahaifiyarsa ta yi masa tsarki da buta, ta zubar da fo, ta ɗauraye hannunta da sauran ruwan butar, ta goge a zani. A ganinta hannu ya fita tas.

Daga nan ta ɗauki moɗa ta tsoma a randa. Yatsunta sun taɓa ruwan, randar da kowa ke sha ta samu rabonta. Da hantsi ta dama wa yara fura, ta murtsuke dunƙulen da yatsu. Fura ba a sake dafa ta, don haka duk abin da ya shiga ya shiga ke nan, kuma idan ta wuni a zafin rana ƙwayoyin sai su hayayyafa a cikinta.

Ita kanta butar fa? Mun saba cewa hannun hagu na tsarki ne, na dama na cin abinci. Tsari ne mai kyau, amma bai isa ba, domin bayan an gama, hannu biyun suna haɗuwa a kan hannun buta, da marfin masai, da bakin zani. Wanda ya ɗauki butar daga baya ya kwashi abin da na farko ya bari.

Da daddare aka kawo tuwon shinkafa. Aka ajiye kwanon wanke hannu guda ɗaya, maigida ya fara tsomawa, sai manyan yara, sai ƙanana. Ruwan da ya kamata ya cire datti ya zama wurin tara shi, kuma ƙaramin yaron da ya zo ƙarshe shi ya wanke hannunsa a ruwan da ya fi ƙazanta. Idan kwalara ce, alamunta kan bayyana tsakanin awa 12 zuwa kwana 5. Shi ya sa za ku ga yaro na biyu ya kwanta bayan kwana biyu, na uku ya biyo baya, a yi ta zargin iska ko wani abincin waje.

Abin da ruwa ba zai iya yi ba

Fatar mutum kullum tana fitar da maiƙo siriri da ke hana ta bushewa. A kan wannan sai a ƙara man shafawa, da man girki, da gumi. Ƙwayoyin cuta suna maƙalewa ne a cikin wannan maiƙon da kuma cikin layukan fata. Ruwa da mai kuwa ba sa haɗuwa.

Kowa a Argungu ya san wannan ba tare da an faɗa masa ba. Wadda ta gyara kifi, ko ta ci soyayyen kifi da hannu, ko da ta ƙarar da buta guda tana ɗauraya, ƙarnin yana nan, santsin yana nan. Haka kwanon da aka ci miyar manja: zuba ruwa sai ka ga yana gangarewa ta saman man. Abin da ke faruwa a hannunku ke nan bayan fita daga masai. Ruwan yana kwashe ƙura da dattin da ke sama, ya bar maiƙon da abin da ke cikinsa.

Yadda sabulu ke aiki

Ana yin sabulu ne daga mai da wani abu mai kaifi irin ruwan toka, kamar yadda ake haɗa sabulun salo. Wannan haɗin yana samar da ƙananan ƙwayoyi masu kai biyu: kai ɗaya yana kama mai, ɗayan yana kama ruwa. Idan kuka cuɗa hannu, kan da ke son mai sai ya nutse cikin maiƙon fata, ya farfasa shi ƙanana-ƙanana, ya kewaye kowane gutsure tare da ƙwayoyin cutar da ke ciki. Idan aka zuba ruwa, ɗaya kan sai ya bi ruwan, ya ja komai zuwa ƙasa.

Ke nan babban aikin sabulu ba kashewa ba ne, ɓamɓarewa ne da kwashewa. Wasu ƙwayoyin masu rigar maiƙo, irin na mura da korona, sabulu yana yaga rigar tasu su lalace. Sauran kuwa yana tumɓuke su ne ruwa ya tafi da su. Wannan ya sa cuɗawa da ɗaurayewa suke da muhimmanci kamar sabulun kansa.

An gwada wannan. A wani bincike da aka wallafa a 2011 a Landan, an sa mutane sun taɓa hannun ƙofofi da ƙarafan dafawa a wuraren taruwar jama'a, sannan aka duba hannunsu. Ba tare da wanki ba, an sami ƙwayoyin da ke da alaƙa da bayan gida a kashi 44 cikin 100 na gwajin. Da ruwa kaɗai ya sauko zuwa kashi 23. Da sabulu da ruwa ya koma kashi 8. Ruwa ya fi babu, amma ya bar kusan ninki uku na abin da sabulu ya bari.

Wani binciken da aka yi a unguwannin talakawa na Karachi a Pakistan, aka wallafa a 2005, ya nuna gudawar yara ta ragu da kusan rabi a gidajen da aka ba sabulu aka koya musu amfani da shi. Kuma sabulu na yau da kullum ya yi aiki daidai da mai maganin kashe ƙwayoyi. Don haka ba sai kun sayi mai tsada ba. Sabulun wanki, sabulun salo, ko garin omo da aka kaɗa a gorar ruwa, duk sun wadatar.

Yadda za a wanke

Ku jiƙa hannu, ku shafa sabulu har ya yi kumfa. Ku cuɗa tafi da bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa, da kan yatsu wajen farce, na aƙalla daƙiƙa 20. Babban yatsa da farce su aka fi mantawa, alhali da su ake yankar loma. Sannan wani ya zuba muku ruwa daga buta, ya riƙa zuba a cikin wani kwano ko a ƙasa. Kada a tsoma hannu a kwano ɗaya. A bar hannun ya bushe a iska, domin goge shi a zanin da aka wuni da shi yana mayar da aiki baya. Idan hannu yana santsi ko ƙarni bayan kun gama, bai fita ba, a sake.

Lokutan da ba a sassauci su ne bayan fita daga masai, bayan yi wa yaro ko majinyaci tsarki, kafin girki ko dama fura, da kafin ci ko ba yaro abinci. Alwala tsarki ce ta ibada kuma da ruwa ake yinta, don haka a fara wanke hannu da sabulu bayan bayan gida, sannan a yi alwala. Hanya mafi sauƙi ta kiyaye wannan ita ce a ajiye guntun sabulu a ƙofar masai kusa da buta. Sabulun da aka ɓoye a ɗaki ba ya hana gudawa. Idan babu shi sam, a cuɗa da toka mai tsabta daga murhu a ɗauraye, kafin a samo.

Iyakar sabulu

Wanke hannu ba ya gyara ruwan sha. Idan ruwan daga gulbi ko buɗaɗɗiyar rijiya aka ɗebo, musamman da damina, a tafasa shi ko a sa masa maganin kulorin bisa ƙa'idar da ke jikin kwalin, a rufe randa, a samo moɗa mai dogon hannu.

Haka kuma sabulu rigakafi ne, ba magani ba. Da zarar gudawa ta fara, a soma ba da ruwan gishiri da sukari na leda, wanda ake narkawa a lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu. Idan babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita 1. A ci gaba da shayar da nono.

A garzaya asibiti nan take idan bayan gidan ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko akwai jini a ciki, ko idanu sun faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko majinyacin ya kasa shan komai. Kwalara tana iya kashe mutum cikin awanni saboda ƙarewar ruwan jiki. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Asibitin Tarayya, a Argungu akwai Babban Asibiti, amma cibiyar lafiya mafi kusa da ku ita ce ta farko. A riƙa ba shi ruwan a hanya, kuma mai jinyar ya tafi da sabulunsa.